Tambayoyi da Amsoshi Kan VaR da Gwajin Juriya a Teburin Hada-hadar Kuɗi na Legas

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga abin da ƙannenmu masu fara aiki a sashen baitulmalin bankuna a Marina da Victoria Island suka fi yi mini, da kuma wasu 'yan canji na Agege da Idi-Araba da ke son sanin yadda bankuna ke auna asarar da ka iya samunsu. Teburin da zan yi misali da shi na ƙirƙira ne, kuma na zaɓi lambobinsa don lissafi ya zo da sauƙi. Amma ranaku da farashin Naira da zan ambata abubuwa ne da suka faru a kasuwarmu.

Malam, mene ne wannan VaR da ake turo mana kowace safiya?

Lamba ce guda ɗaya da ke amsa tambaya guda: a rana irin ta yau da kullum, asarar da kayan da muke riƙe da su za su jawo mana ba za ta wuce nawa ba? Ba ta cika sai da abubuwa uku, wato adadin kuɗi, tsawon lokaci, da gwargwadon tabbaci. Idan rahoto ya ce VaR na teburinku Naira miliyan 140 ne na kwana ɗaya a kan tabbacin kashi 99 cikin 100, ma'anarsa ita ce a cikin ranakun kasuwa ɗari, ana sa ran casa'in da tara asararku ba za ta haura miliyan 140 ba. Rana ɗaya kuwa za ta haura.

Wannan rana ɗayar ita ce inda mutane ke yin kuskure. Mai tasowa daga Agege zuwa Marina yana iya cewa a ranaku 99 cikin 100 yana isa ofis kafin awa biyu da rabi, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan magana ba ta gaya maka ko ranar da tanka ta faɗi a kan gada awa uku zai yi ko awa tara. VaR ma haka yake. Yana nuna maka inda mummunar rana take farawa, ba ya faɗin inda za ta tsaya.

Daga ina abin ya samo asali?

Bankin J.P. Morgan ne ya yaɗa shi. Shugabansa na lokacin, Dennis Weatherstone, ya nemi a riƙa kawo masa takarda guda da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mai nuna abin da bankin gaba ɗaya ka iya rasawa washegari. A 1994 bankin ya fitar da hanyar lissafin ga kowa da sunan RiskMetrics. A 1996 Kwamitin Basel, wanda ke tsara ƙa'idojin sa ido kan bankunan duniya, ya yarda manyan bankuna su yi amfani da VaR na kwana 10 a kan kashi 99 wajen lissafin jarin da za su ajiye, bayan an ninka shi aƙalla sau uku.

Za ka iya yi mana lissafin a fili, da lambobi?

To. Mu ɗauki tebur mai riƙe da abu biyu.

Na farko, takardun bashin Gwamnatin Tarayya, waɗanda DMO, ofishin kula da basussukan gwamnati, ke fitarwa, na Naira biliyan 10. Farashin irin wannan takarda yana faɗuwa idan kuɗin ruwa a kasuwa ya tashi, domin babu mai sayen tsohuwar takarda a farashinta na da alhali sabuwa ta fi ta biya. Dillalai suna auna motsin kuɗin ruwa da ɗigo, kuma ɗigo ɗari ne ke yin kashi ɗaya cikin ɗari. Abin da ake fara nema shi ne nawa za a rasa idan kuɗin ruwa ya tashi da ɗigo ɗaya tak. Wannan lambar ita ce kuke gani a allo da sunan DV01. Idan lambar `modified duration` ta takardunmu, wadda ke nuna yadda farashinsu ke jin motsin kuɗin ruwa, 4 ce, ga lissafin:

```
DV01 = 10,000,000,000 × 4 × 0.0001 = 4,000,000
```

Ke nan kowane ɗigo ɗaya Naira miliyan 4 ne. Daga nan sai a duba tarihi a ga yadda kuɗin ruwan wannan takarda ya saba kai-komo a rana. Mu ce ma'aunin kai-komonsa ɗigo 15 ne. Don a kai tabbacin kashi 99 ana ninka wannan ma'auni da 2.33, sai a sami kusan ɗigo 35. Ɗigo 35 sau miliyan 4 ya ba da Naira miliyan 140. Wannan shi ne VaR na takardun na kwana ɗaya.

Abu na biyu, teburin ya sayar da Dala miliyan 5 da bai mallaka ba tukuna, wato ana binsa Dala, zai nemo ta daga baya ya cika alkawari. Mu ajiye kanmu a farkon watan Yuni na 2023, lokacin da Dala a kasuwar hukuma take wajen Naira 470. Bashin ya kai Naira biliyan 2.35. A watannin da suka gabaci lokacin farashin hukuma kusan a tsaye yake, don haka mu ce ma'aunin kai-komonsa kashi 0.2 cikin 100 ne a rana. A ninka da 2.33, a ɗora a kan biliyan 2.35, sai a sami kusan Naira miliyan 11.

Idan aka haɗa su biyun ba tarawa kawai ake yi ba, saboda lissafin yana duba ko abubuwan biyu suna tafiya tare. In tarihi ya nuna babu ruwan ɗaya da ɗaya, jimillar takan fito miliyan 140 da 'yan kai, ba 151 ba. Wanda ya karanta rahoton zai ce duk haɗarin teburin yana cikin takardun gwamnati, Dalar kuwa ba abin damuwa ba ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na ji ana cewa akwai hanya fiye da ɗaya. Wacce ce ta fi?

Uku ne sanannu. Wadda muka yi a sama tana ɗaukar cewa motsin farashi yana bin wani tsari na lissafi inda ƙananan motsi suka fi yawa, manya kuwa ba a cika ganinsu ba. Tana da sauri, amma kasuwa ta fi abin da tsarin ke zato yawan yin tsalle. Akwai ta Monte Carlo, inda kwamfuta ke ƙirƙiro dubban ranaku na zato. Tana da amfani ga kaya masu sarƙaƙiya, sai dai abin da ka gaya mata game da kasuwa shi za ta dawo maka da shi.

Ta ukun ita ce maimaita tarihi, kuma ita na fi so matasa su fara koya, don ana iya yin ta a Excel. Ka ɗauki kayan da kake riƙe da su yau, ka ɗora musu motsin farashi na kowace rana cikin ranakun kasuwa 500 da suka wuce, ka rubuta riba ko asarar da kowace rana za ta jawo. Sai ka jera daga mafi muni. Kashi ɗaya cikin ɗari na 500 biyar ne, don haka VaR ɗinka yana wajen asara ta biyar ko ta shida a jerin, gwargwadon ƙa'idar da bankinku ya zaɓa. Idan lambobin riba da asarar suna B2 zuwa B501, ga yadda za ka fitar da shi a Excel:

```
=PERCENTILE.INC(B2:B501,0.01)
```

Kyawunta shi ne ba ta tilasta wa kasuwa wani tsari. Rauninta kuwa a bayyane yake: abin da bai faru a cikin waɗannan ranaku 500 ba, a wurinta ba zai taɓa faruwa ba.

To me ya faru da wancan teburin ranar da aka saki Naira?

Ranar 14 ga Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe tagogin canji daban-daban ya bar kasuwa ta yanke farashi. A ranar Dala ta tashi daga wajen Naira 470 ta rufe a sama da 660. Teburinmu da ake bin Dala miliyan 5 ya rasa kusan Naira 190 a kan kowace Dala, jimilla wajen Naira miliyan 950. VaR ya ce miliyan 11. Asarar ta ninka shi fiye da sau tamanin, kuma kafin a rufe kasuwa.

Ina so a fahimci cewa ba kuskuren lissafi aka yi ba. Kowace lamba daidai take. Matsalar tana cikin abin da aka ciyar da lissafin. Kwanciyar hankalin da tarihi ya nuna riƙon hukuma ne ya kawo ta, ba ciniki ba. Farashin da aka danne ba ya motsi, sai VaR ya ga rashin motsin ya ɗauka babu haɗari, alhali matsin yana taruwa ne a ƙarƙashi. Gwargwadon daɗewar riƙon, gwargwadon ƙanƙancewar VaR, kuma gwargwadon girman tsallen da ke tafe. Wato lambar ta fi yin ƙasa a daidai lokacin da haɗarin ya fi yin sama.

Alamun kuwa ba a ɓoye suke ba. A lokacin 'yan canji a Legas suna sayar da Dala sama da Naira 700, kamfanonin jiragen sama na waje suna kukan kuɗinsu ya maƙale, masu shigo da kaya suna jerin gwanon jiran Dala a bankuna, sabon shugaban ƙasa kuma ya riga ya faɗa a jawabinsa na 29 ga Mayu cewa ana buƙatar farashin canji guda. Ɗan canjin da ke zaune a bakin titi ya san abin da ke tafe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ke shiga jadawalin farashin ranaku 500.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. Ranar 20 ga Yuni 2016, bayan an riƙe Dala a wajen Naira 197 zuwa 199 fiye da shekara, an sake ta ta koma wajen 280 a yini ɗaya. A ƙarshen Janairu 2024 ma, bayan FMDQ, kasuwar cinikin kuɗin waje da takardun bashi, ta gyara yadda take lissafin farashin rufewa, farashin hukuma ya tashi daga wajen 900 zuwa sama da 1,400 cikin 'yan kwanaki. Kada kuma a ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya riƙe tsakanin kuɗinsa da Yuro tun 2011, kuma teburori da yawa a Turai da Amurka sun sha irin wannan kaye.

Idan haka ne, gwajin juriya me yake yi dabam?

Yana sauya tambayar. Ba ya tambayar sau nawa abu ke faruwa. Yana cewa: a ce ya faru, nawa za mu rasa, kuma za mu iya tashi? Mutum ne ke zama ya tsara yanayin, ba tarihin 'yan watanni ba.

Mu gwada teburinmu da yanayin da duk wanda ya daɗe a kasuwar Legas zai gane. Naira ta faɗi, Dala ta ƙara tsada da kashi 40 cikin 100. Tsadar kaya ta biyo baya, Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa, ribar takardun gwamnati, wato kuɗin ruwansu a kasuwa, ta tashi da ɗigo 400. Wannan lamba ba ta wuce hankali ba, domin a watan Fabrairu 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya, kafin shekarar ta ƙare kuma ya kai 27.5.

A ɓangaren Dala, kashi 40 na biliyan 2.35 shi ne Naira miliyan 940. A ɓangaren takardu, ɗigo 400 sau miliyan 4 ya ba da biliyan 1.6. A gaskiya asarar takardun za ta ɗan gaza haka, saboda DV01 yana raguwa yayin da kuɗin ruwa ke hawa, shi ya sa idan motsin ya yi girma irin wannan ake sake yi wa kowace takarda farashi ɗaya bayan ɗaya maimakon ninkawa kawai. Amma a dunƙule muna maganar wajen Naira biliyan 2.5, a teburin da rahoton safiya ke cewa miliyan 140.

Ku lura da abin da ya canza. A lissafin VaR mun rage jimilla saboda Dala da takardu ba sa tafiya tare. A nan mun tara su kai tsaye, domin a ranar tashin hankali sababi ɗaya ne ke tura su duka biyu. Mai zuba jari na waje da ke guje wa Naira yana sayar da takardunsa ne ya nemi Dala, don haka takarda na faɗuwa Dala na hawa a lokaci guda. Rangwamen da rarraba jari ke bayarwa a ranakun lafiya yana ɓacewa a ranar da aka fi buƙatarsa. Irin wannan ne ya durƙusar da asusun LTCM a Amurka a 1998, bayan Rasha ta kasa biyan bashinta.

Ta yaya ake zaɓar yanayin da za a gwada? Ba son rai ba ne?

Akwai hukuncin mutum a ciki, babu musu, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba muddin an rubuta dalili. Ana farawa da abin da ya taɓa faruwa: Yuni 2016, Maris 2020 lokacin annobar korona da faɗuwar farashin mai, Yuni 2023, farkon 2024. Sai a ƙara da abin da bai faru ba tukuna amma hankali ya yarda da shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne gwada gefe ɗaya kawai. Kowa ya saba da faɗuwar Naira, sai a manta tana iya tashi. Tsakanin ƙarshen Fabrairu da tsakiyar Afrilu 2024 Dala ta sauko daga sama da Naira 1,600 zuwa ƙasa da 1,200, waɗanda suka tara Dala a farashi mai tsada suka ji jiki. Kuɗin ruwa ma yana rushewa: bayan Babban Banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba sayen takardun OMO, wato takardun bashin da shi kansa Babban Bankin ke sayarwa, a Oktoba 2019, ribar gajerun takardun baitulmali ta yi ta sauka har ta faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a ƙarshen 2020. Yanayin da ya dace da tebur shi ne wanda ke dukan abin da teburin ke riƙe da shi yau, ba wanda aka gada a fayil tun shekara uku.

Akwai kuma gwaji na baibai, wanda a ganina ya fi kowanne tona asiri. Ana farawa daga ƙarshe: asarar nawa ce za ta cinye ribar shekara, ko ta taɓa jarin banki? Sai a koma baya a nemo motsin da zai kawo ta. Idan hukumar gudanarwa ta ce teburinmu ba zai jure fiye da Naira biliyan 1 ba, to ɗigo 250 kacal a takardu sun isa, ko kuma ƙarin Naira 200 a kan Dala. Da zarar an faɗi haka a fili, kowa a ɗakin zai iya tuna lokacin da ya ga irin wannan motsi da idonsa.

Me ya sa ake ninka VaR na kwana ɗaya da 3.16?

Don a mayar da shi na kwana goma, saboda √10 kusan 3.16 ne. Miliyan 140 ɗinmu sai ya koma wajen miliyan 442. Dabarar tana ɗaukar cewa motsin yau ba shi da alaƙa da na jiya, abin da ba ya tabbata a lokacin rikici, inda mummunar rana ke jawo 'yar uwarta.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce kwana nawa za ka ɗauka kafin ka fita. VaR na kwana ɗaya yana zaton gobe za ka iya sayarwa a farashin allo. A kasuwarmu wasu takardun gwamnati ana cinikinsu kullum, wasu kuwa sai a yi kwanaki ba a taɓa su ba. Ranar da kowa ke son sayarwa, tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa tana buɗewa, kuma biliyan 10 ba ta fita a waya ɗaya. A kasuwar hannun jari ta NGX farashi ba ya faɗuwa fiye da kashi 10 cikin 100 a rana, sai mutum ya ga kamar kariya ce, amma hannun jari yana iya kwana uku yana faɗuwa iyakarsa babu mai saye ko ɗaya. Wanda ake bin Dala kuma a lokacin ƙarancinta, matsalarsa ta wuce farashi, samun Dalar ma aiki ne. Saboda haka gwajin juriya mai kyau yana ƙara kuɗin fita a kan asarar farashi, yana kuma tsawaita kwanakin riƙo ga kayan da ba sa saurin sayuwa.

Yaya za mu gane cewa VaR ɗinmu ya lalace?

Ana kwatanta shi da abin da ya faru. Kowace rana a ajiye VaR na jiya kusa da asarar da kayan jiya suka yi yau, ba tare da cusa kuɗin kamasho ko sabon cinikin yini ba, a ƙirga sau nawa asara ta haura shi. A ranakun kasuwa 250, a kan kashi 99, ana sa ran sau biyu ko uku. Kwamitin Basel ya raba sakamakon gida uku: daga sifili zuwa huɗu kore, biyar zuwa tara rawaya, goma zuwa sama ja, kuma wanda ya shiga rawaya ko ja ana ƙara masa jarin da zai ajiye.

Ƙirga kaɗai ba ta wadatar ba. Idan haurawar huɗu duk a mako guda suka zo, lissafin yana jinkirin gane cewa kasuwa ta sauya hali, ko da yana cikin kore. Idan shekara biyu suka wuce babu haurawa ko ɗaya, a bincika: ko lambar ta yi yawa tana tauye teburin a banza, ko kuma farashin da ake shigarwa daskararre ne. Takardar da ba a yi cinikinta ba kwana ashirin, aka riƙa maimaita tsohon farashinta, za ta bayyana kamar babu abin da ya fi ta aminci. Sannan idan VaR ya faɗi warwas da safe alhali ba a sayar da komai ba, galibi wata mummunar rana ce ta fice daga jerin ranakun da ake dubawa. Haɗarin yana nan yadda yake, lissafin ne ya manta.

Ana cewa wani ma'auni mai suna ES ya maye gurbin VaR. Gaskiya ne?

A ƙa'idar jarin Basel, haka ne. Bayan rikicin 2008 an fara ƙara VaR da ake lissafawa da tarihin shekarar tashin hankali, a 2009. Daga baya sabuwar ƙa'idar haɗarin kasuwa ta 2016, wadda aka gyara a 2019, ta koma ga ES a kan kashi 97.5. Bambancinsa shi ne yana ɗaukar matsakaicin munanan ranakun da suka wuce iyaka. A jerinmu na 500, maimakon ka nuna asara ta biyar, sai ka tara mafi muni goma sha biyu ko sha uku ka raba. Ya fi VaR gaskiya, domin yana leƙa bayan iyakar. Amma daga rijiya ɗaya suke sha: in babu ranar sakin Naira a tarihin da aka ba shi, shi ma ba zai gan ta ba. Teburori da yawa har yau da VaR suke kafa iyakar yini.

Mu a bankin da ba ya mu'amala da ruwa muke, sukuk muke riƙewa. Wannan ya shafe mu?

Ya shafe ku, 'yar'uwa. Tun 2017 da DMO ta fitar da sukuk na farko na Gwamnatin Tarayya, na Naira biliyan 100, kuɗin hayar da yake biya tsayayye ne. Idan ribar sauran takardun gwamnati ta tashi, mai saye a kasuwa zai rage wa sukuk ɗinku farashi har ribarsa ta yi daidai da tasu. Don haka lissafin DV01 yana aiki a kansa. Ƙari a kan haka, masu sukuk sun fi riƙe shi har wa'adinsa, cinikinsa bai kai na sauran takardu ba, ke nan matsalar daskararren farashi da ta wahalar fita sun fi tsanani a wurinku.

Yallaɓai, in lambobin biyu suka saɓa, wacce shugaban tebur zai bi?

Kowacce da aikinta. VaR ya dace da sa ido na kullum: yana nuna ko dillali ya ƙara ɗaukar kaya daga jiya zuwa yau, yana ba da damar kwatanta teburin canji da na takardu da ma'auni ɗaya. Amma a kasuwar da farashi ke kwanciya watanni sannan ya yi tsalle a yini guda, ra'ayina shi ne girman abin da za a riƙe ya fito daga gwajin juriya. A teburinmu, da an kafa iyakar cewa asarar gwaji a ɓangaren canji kada ta wuce Naira miliyan 300, da bashin Dalar bai wuce wajen miliyan 1.6 ba, maimakon miliyan 5, duk da VaR yana cewa akwai sauran fili.

Kusa da waɗannan biyun ana ajiye iyakoki marasa ado, waɗanda ba sa dogara da wani tsarin lissafi: adadin Dalar da za a kwana da ita, iyakar DV01, da adadin asarar da in an kai dole a rufe ciniki. Babban Banki ma da irin wannan yake aiki. A takardarsa ta 31 ga Janairu 2024 ya ce ragowar matsayin banki a kuɗin waje kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na jarin masu hannun jari a gefen bashi, a gefen tarawa kuwa sifili. Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ke lissafin kada ya kasance a ƙarƙashin wanda ake aunawa. Farashin rufewa ya fito daga majiya mai zaman kanta irin FMDQ, ba daga bakin dillalin da ladansa ya rataya a kan ribar ba.

Ni ɗan canji ne, ba ni da kwamfutar banki. Akwai abin da zan ɗauka a nan?

Akwai, Alhaji, kuma littafin da kake rubuta ciniki ya isa. Kowace yamma ka fitar da ragowarka: Dalar da ke hannunka, a cire wadda ka karɓi Nairarta ba ka miƙa ba tukuna. A ce dubu 20 ke hannunka, ana binka dubu 50, to a gefen bashi kake da dubu 30. Ka duba farashin watanni shida da suka wuce ka ga motsi mafi girma na yini ɗaya. In Naira 25 ne, mummunar ranarka ta yau da kullum Naira dubu 750 ce. Sannan ka yi tambaya ta biyu: in Dala ta ƙara Naira 300 kafin in sayo, fa? Miliyan 9 ke nan. Ka ajiye wannan lamba kusa da jarinka na kanka, ban da kuɗin amanar mutane. Idan ta cinye fiye da abin da za ka iya rasawa ka buɗe shago washegari, ka sayo wani ɓangare na Dalar tun yau ka rage ragowar. Ranar da kuma Dalar ce ta yi maka yawa a hannu, ka juya lissafin, ka gwada faɗuwarta da Naira 300.